Zaman sulhu daga buɗe taro zuwa sa hannu: misalin bashin shanshera

Nura Ɗalibi: Assalamu alaikum. An ba mu aikin gwaji, za mu yi zaman sulhu a aji, ni ne mai shiga tsakani. Ga shari'ar da aka ba mu. Wani dillalin shinkafa ya ba wani manomi a fadamar Argungu naira 600,000 a watan Disamba don noman rani, a kan zai biya shi da buhu 20 na shanshera, kowane buhu 30,000. An yi girbi, dillali ya ce buhu 12 ya karɓa, saura 8. Manomi ya ce 14 ya bayar, yaron dillali ya ɗauki biyu tun a masussuka. Dillali kuma ya riƙe injin ban ruwan manomin. Yanzu buhu ya kai 45,000 a kasuwa. Don Allah manya, daga ina ake farawa, a ina ake ƙarewa?

Barista Hauwa: Wa alaikumus salam Nura. Kafin ka ce uffan a ɗakin, akwai tambayar da za ka yi wa kowannensu shi kaɗai: idan aka daidaita yau, kai ne mai cewa na yarda, ko sai ka koma ka tambayi wani? Yawancin dillalan nan kuɗin da suke juyawa ba nasu ba ne su kaɗai, akwai na yaya, akwai na ubangida. Idan mai kuɗin ba ya wurin, za ku yi awa huɗu ku gama, gobe a kira ka a ce Alhaji bai amince ba. Ko ya zo, ko ya wakilta a rubuce, ko aƙalla wayarsa ta kasance a buɗe lokacin zaman.

Sai jawabinka na buɗewa. Kada ya wuce minti biyar, kuma kada ka taɓa maganar buhu a cikinsa. Ka faɗi sunanka, ka ce ba ka da dangantaka da kowa a cikinsu, in kuma akwai ka faɗa tun yanzu su zaɓa. Ka ce kai ba alƙali ba ne, ba za ka yanke hukunci ba, duk wanda ya ga dama zai iya tashi. Ka ce abin da aka faɗa a nan sirri ne. Ka sanar da su cewa wataƙila ka keɓe da kowa shi kaɗai, kuma hakan ba alamar ka karkata ba ce. Wannan na ƙarshen ɗalibai suka fi mantawa. Idan ba ka faɗe shi da farko ba, ranar da ka ce wa dillali ya ɗan ba ku wuri, manomi zai ji daɗi, dillali kuma zai fita yana cewa an haɗa baki.

Ɗan Gusau: Ni dai gaskiya ban yarda da wannan sulhun ba. An sha yin sa a Zamfara, ana zama da su a daji, bayan wata biyu su dawo su kwashe shanu.

Nura Ɗalibi: Yallaɓai, ba sulhu da 'yan bindiga muke magana ba. Rigimar bashi ce tsakanin mutum biyu.

Ɗan Gusau: To, na gane. Ku ci gaba, ina saurare.

Tsohon Magatakarda: Ɗana Nura, bayan jawabin mai sulhu sai mai ƙara ya yi magana, sannan wanda ake ƙara. A nan dillali ne mai da'awa, shi zai fara, kuma shi ake tambaya hujja. Idan ba shi da shaida a kan buhu biyun nan, sai manomi ya rantse, magana ta ƙare. Ka ba kowa minti goma, kada ka bari a katse wa wani.

Barista Hauwa: Baba, minti goman da hana katsewa na yarda da su ɗari bisa ɗari. Amma hujja da rantsuwa aikin kotu ne. Da zarar mai sulhu ya ce kawo shaidarka, ya zama alƙali, su kuma sun koma masu kare kai, ba wanda zai sake faɗa maka abin da ke damunsa. A wannan mataki aikinka sauraro ne kawai, da alƙalami a hannu.

Malam Na Gwandu: Ƙari a kan haka, ko a gaban alƙali ba haka za ta kasance ba, Alhaji. Manomi ya amsa cewa an ba shi kuɗi a kan buhu 20. Shi ne yake cewa ya biya biyun da ake musu, don haka a kan biyun nan shi ne mai da'awa, shi za a nema wa shaida. Nura ya riƙe wannan, zai yi masa amfani can gaba idan ya keɓe da manomin.

Tsohon Magatakarda: Allah gafarta Malam, haka ne a kan biyun. Amma ina nan kan bakana cewa wanda ya kawo kuka shi ke fara magana.

Barista Hauwa: Wannan ba musu, Baba, haka aka saba. Sai dai ka faɗa musu dalili, ka ce wane zai fara don shi ya nemi zaman, ba don maganarsa ta fi nauyi ba.

Nura, ga inda gwanintar take. Idan kowa ya gama, kai za ka maimaita abin da ya faɗa, amma ka tace zagin ka bar ƙorafin. Dillali zai ce, wannan mutum maci amana ne, na taimake shi lokacin da ko man inji ba ya iya saye, ya ci kuɗina kuma yana yawo da sunana. Kai sai ka ce, Alhaji, abin da na ji shi ne ka ba da kuɗi a lokacin da ake buƙata, kana sa ran buhu 20, a lissafinka 12 suka iso, kuma maganganun da ake yi a kasuwa sun taɓa ka, haka ne? Sai ka jira ya ce haka ne. Idan ya ce a'a, ba haka nake nufi ba, ka gode masa, ka gyara. Kada ka wuce sai ya amince da taƙaitawarka. Haka za ka yi wa manomi, da tsawon lokaci iri ɗaya. Mutane na ƙirga wannan a zuci, ko ba su duba agogo ba.

Daga nan sai ku fitar da batutuwa. Ka rubuta su a allo ko takarda inda duka biyun ke gani, kuma ka rubuta su yadda ba wanda zai ji an riga an yanke masa. Kada ka rubuta “buhu 8 da manomi ya ƙi biya”. Rubuta “yawan buhunan da suka rage”. Kada ka rubuta “injin da aka ƙwace”. Rubuta “injin ban ruwa”. A shari'ar taku ina ganin batu huɗu: yawan buhu, lokacin biya, inji, da maganar da ke yawo a kasuwa. Ka lura, na huɗun ba ya cikin takardar da malaminku ya ba ku, daga bakin mutum yake fitowa.

Nura Ɗalibi: Barista, da wanne zan fara? Ni a ganina buhu biyun nan ne tushen rigimar.

Barista Hauwa: Shi ya sa ba za ka fara da su ba. Ka fara da abin da suka riga suka yarda a kai ba su sani ba. Dukansu sun amsa 600,000. Dukansu sun amsa buhu 20. Dukansu sun amsa 12 sun isa. Ko a lissafin manomi akwai 6 a kansa. Ka faɗi wannan a fili, a hankali, ka rubuta. Mutanen da suka shigo suna ganin rigimar dubu ɗari shida ce za su ga buhu biyu ne kawai ake ja, wato 90,000 a farashin yau. Ɗakin yakan yi sanyi a daidai nan.

Maman Yusra: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ƙanwata mijinta na dukanta, dangi sun ce a yi zaman sulhu, an ce kowa ya faɗi laifinsa a gaban kowa. Wannan tsarin naku zai yi a nan?

Barista Hauwa: Yaya, a'a, kada a zaunar da su haka. Sulhu na buƙatar kowa ya iya cewa ban yarda ba, ba tare da tsoron abin da zai same shi in an koma gida ba. Inda ake duka wannan sharaɗin ya faɗi. A fara da tsaron lafiyarta, a kai ta asibiti idan akwai rauni a samu takarda, sannan a kai maganar gaban hukuma ko kotu. Ɗalibai ku ma ku riƙe, tantance ko magana ta dace da sulhu mataki ne da ke zuwa kafin buɗe zama.

Malam Na Gwandu: Ko ayar Suratun Nisa'i da ta ce a tashi mai sasantawa daga danginsa da wani daga danginta, ba ta ce a miƙa mace ga mai cutar da ita ba. Allah ya kawo mata mafita.

Maman Yusra: Amin Malam. Na gode.

Nura Ɗalibi: To keɓewar fa? Yaushe ake yin ta, me ake tambaya?

Barista Hauwa: Ana yin ta idan magana ta fara zagaye wuri ɗaya, kowa na maimaita lambarsa, takwas, shida, takwas, shida. Ko idan ka ga wani na son faɗin abu yana haɗiyewa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ga kowa ya isa. Wanda zai jira a waje ka ba shi aiki, ka ce ya lissafa nawa zai kashe a kuɗin mota da ranakun aiki idan aka tafi kotu. Kada ka bar shi haka nan da 'yan rakiya suna zuga shi.

Da manomi, tambayarka ba ta buhu ba ce. Ka tambaye shi, me ya fi damunka a makon nan? Zai ce inji. Yana da albasa ko barkono da ke buƙatar ruwa, ko kuma yana hayar injin wani kullum. Sai ka tambayi abin da yake da shi a ɗaka. Wataƙila buhu uku ne suka rage ban da na ci, abin da ba zai taɓa faɗa a gaban dillali ba don kunya. Sannan ka kawo maganar Malam, amma a matsayin tambaya: idan aka je gaban alƙali aka ce ka kawo wanda ya ga yaron ya ɗauki buhu biyun, wa za ka kawo? Ka yi shiru ka bar shi ya yi lissafi da kansa.

Da dillali haka. Idan aka je kotu aka tambaye ka da wace yarjejeniya ka riƙe injin, me za ka nuna? An yi jingina da shi tun farko? Idan ba a yi ba, ya san riƙon nan rauni ne a gare shi. Ka tambaye shi ko ya taɓa zaunar da yaron nasa ya tambaye shi. Sau da yawa za ka ji ya ce, yaron nan dama ina da shakka a kansa.

Abu mafi muhimmanci, kafin ka tashi daga kowace keɓewa ka ce, cikin abin da ka faɗa min, wanne ka yarda in kai wa ɗan'uwanka? Ka maimaita masa kalma da kalma abin da za ka kai. Wanda bai ba ka izini ba ya mutu a cikinka. Yadda za ka gane ka yi ɓaranɓarama shi ne, ku dawo zama tare ka ji ɗaya ya ce, ai tunda buhu uku gare shi a gida. Daga wannan lokaci ɗayan ba zai ƙara buɗe maka baki ba, kuma yana da gaskiya.

Tsohon Magatakarda: Duk wannan zagaye ne a kan buhu biyu. Mai sulhu ya ce a raba, kowa ya ɗauki ɗaya, saura 7, a tashi. Haka dattawa ke yi a ƙofar hakimi, kuma yana aiki.

Barista Hauwa: Baba, ƙila a 7 ɗin za a ƙare, amma daga bakin wa ta fito? Idan ta fito daga bakin mai sulhu, duk wanda ya je gida aka yi masa gori zai ce tilasta min aka yi. Hakimi yana da kwarjinin da zai sa a cika ko ba a so. Nura ba shi da shi. Abin da zai iya yi shi ne ya gwada a keɓe: da a ce ɗan'uwanka zai sauko da buhu ɗaya, kai za ka iya hawa da ɗaya? Ya tambayi kowa haka ba tare da ya ce wancan ya riga ya yarda ba.

Tsohon Magatakarda: 'Yata, mutanenmu na ƙauye idan ba ka faɗa musu lamba ba sai su ga ba ka yi komai ba. Wani ma jira yake babba ya faɗa, don ya samu abin cewa a gida, ai malam ne ya ce in bari.

Malam Na Gwandu: A nan ina tare da Alhaji kaɗan. Akwai mutumin da sauka da kansa ya fi masa ciwo da a ce ya sauka. Amma sai su biyun sun roƙa, kuma a ƙarshe, ba a farko ba.

Barista Hauwa: Idan su biyun suka roƙa, dokar sulhu ta 2023 ba ta hana mai sulhu kawo shawara ba. Ni dai ba zan koya wa ɗalibi ya fara da ita ba, don in ya saba ba zai ƙara koyon sauraro ba. Mu bar ta a haka.

Nura Ɗalibi: Mu ce an tsaya a 7. Wani ɗan ajinmu ya ce a mayar da su kuɗi, 315,000, kuma tunda manomi zai jinkirta zuwa kaka a ƙara masa buhu ɗaya. Wani kuma ya ce ai rage bashi ma haramun ne a mazhabarmu.

Malam Na Gwandu: Ɗana, abu uku ka haɗa. Ƙara buhu saboda jinkiri riba ce tsantsa, kada ta shiga takarda ko da su biyun sun yarda. Hadisi ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Na biyu, wanda ya ce rage bashi haramun ne ya ji rabin karatu. Abin da malamanmu na Malikiyya suka hana shi ne bashin da lokacinsa bai yi ba a ce rage min in biya ka yanzu. Wannan kuwa lokacinsa ya yi tun girbi, mai shi zai iya yafe abin da ya ga dama. Na uku shi ne mai wuya. Dillali ya sayi abinci ne da kuɗi tun kafin a noma, kuma an hana sayar da abincin da ka saya kafin ka karɓe shi. Idan ya karɓi 315,000 a madadin buhu 7 da ya biya wa 210,000, kuɗi ne suka haifi kuɗi ba tare da shinkafa ta motsa ba. Ku bar bashin a buhu.

Ɗan Gusau: Malam, amma a kasuwa kullum haka ake yi, a mayar kuɗi a huta.

Malam Na Gwandu: Ana yi, na sani. Yin sa bai mayar da shi daidai ba.

Barista Hauwa: To Nura, rubutu. A nan sulhu da yawa ke mutuwa, don kowa ya gaji, an sha hannu, ana son tafiya. Kada ka bari a tashi a kan gobe a rubuta. Kuma kowace jimla ka gwada ta da tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, a ina. “Manomi zai biya sauran idan Allah ya hore” ba yarjejeniya ba ce, sabuwar rigima ce. Ga yadda taku za ta kasance.

Ɓangarorin sun amince buhu 7 na shanshera suka rage, kuma ba wanda zai sake tada maganar buhu biyun masussuka. Kowane buhu kilo 80 a kan sikeli, busasshiya, an sheƙe ta. Ka sa nauyin da su suka yarda da shi, amma lallai a sa, don buhu suna ne kawai, wani a cika shi a ɗinke da ƙyar, wani a bar masa wuya, kuma ɗanyar shinkafa nauyinta na raguwa in ta bushe. Buhu 3 ranar 15 ga Yuni, buhu 4 ranar 20 ga Nuwamba bayan girbin damina, a shagon dillali, kuɗin dako a kan manomi. Duk kai kaya dillali da kansa zai ba da rasit, ba yaronsa ba, tunda ta nan aka samu matsala. Dillali zai mayar da inji cikin kwana 3, a tada shi a gaban shaida a ga yana aiki. Idan manomi ya saɓa ranar farko da fiye da kwana 7, duka bakwai ɗin sun zama na biya nan take, ba tare da ƙarin ko mudu ɗaya ba.

Maganar kasuwa kuma, idan dillali na son a wanke shi, ku rubuta ainihin kalmomin da za a faɗa da wanda za a faɗa a gabansa, misali sarkin kasuwa. Idan ba a rubuta ba, ɗaya zai ce na ba da haƙuri, ɗaya ya ce ban ji ba.

Tsohon Magatakarda: A nan zan ƙara abin da na sani. Idan ɗaya bai iya karatun boko ba, a karanta masa da Hausa tun daga farko har ƙarshe, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa, ya rubuta cewa an karanta masa ya gane kafin ya dangwala. In babu wannan, rana ɗaya zai ce ban san abin da na dangwala wa ba, kuma kotu za ta saurare shi. A dangwala a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba. Shaidu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Kowa ya tafi da kofinsa a ranar.

Nura Ɗalibi: Idan an sa hannu ya zama hukuncin kotu ke nan?

Barista Hauwa: Ba kai tsaye ba. Da sa hannu ta zama alkawari mai ɗaure su, wanda za a iya kai ƙara a kansa. Idan dama akwai shari'a a gaban kotu, sai a kai takardar alƙali ya karɓe ta a matsayin hukuncin da ɓangarori suka amince da shi, daga nan in wani ya saɓa, zartarwa kawai za a nema, ba sabuwar shari'a ba. Dokar 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi wannan, ta kuma ce abin da aka faɗa a zaman sulhu ba a kai shi kotu a matsayin hujja. Wato idan zaman ya watse, dillali ba zai je ya ce ai ya amsa min bakwai a wurin sulhu ba. Sirrin yana da iyaka, ba ya rufe shirin aikata laifi ko barazana ga wani, kuma wannan ma ka faɗe shi tun a jawabin buɗewa.

Nura Ɗalibi: In kuma an daidaita a kan inji da buhu 6, amma biyun nan suka ƙi?

Barista Hauwa: Ka rubuta abin da aka samu, a sa hannu a kansa, ka ƙara layi ɗaya cewa batun buhu biyu yana nan a buɗe, kowa na da damar kai shi inda ya so. Ka sa ranar sake zama, kuma ka nemi a zo da yaron.

Tsohon Magatakarda: Yaron nan ba zai zo ba, 'yata. Idan shi ya ɗauka, tun jiya ya bar garin.

Malam Na Gwandu: In bai zo ba, sai su koma kan rabawa, ko manomi ya nemi shaidarsa ya tafi gaban alƙali a kan biyun kaɗai. Nura, ka tabbata a takardar farko an rubuta cewa karɓar shidan ba yafe biyun ba ne, in ba haka ba manomi zai ce an gama.